Yadda hannun mutumin cikin gem yake kai wa kofi ya riƙe shi

Duk wanda ya saba buga gem a waya ko a kwamfuta ya taɓa cin karo da wannan: jarumin wasan ya miƙa hannu zai ɗauki kofi a kan tebur, sai yatsunsa su nutse cikin jikin kofin, ko kuma hannun ya tsaya gefe yana kama iska, kofin ya yi tsalle da kansa ya manne masa a tafi. Wani lokaci hannun ya isa daidai, amma gwiwar hannun ta karye ta koma inda gwiwar ɗan Adam ba ta zuwa. Ido ba ya yafe irin wannan, domin tun muna goye muke kallon hannaye suna ɗaukar abubuwa.

Asalin matsalar daga yadda ake tsara motsi take. A cikin jikin kowane jarumi akwai ƙasusuwa na lissafi, kowanne yana rataye da na samansa: dantse da kafaɗa, sangalin hannu da dantse, tafi da sangali, yatsu da tafi. Mai tsara motsi yakan zauna ya juya ƙasusuwan nan hoto bayan hoto, ya ce kafaɗa ta juya kaza, gwiwa ta lanƙwashe kaza, inda tafin ya faɗa nan ya faɗa. Wannan hanyar ita ake gani a manhajojin aikin da haruffan FK. Tana ba da motsi mai rai, mai nauyi da yanga, amma an yi ta ne a kan kofi ɗaya da ke wuri ɗaya. Da an shiga wasa, mai buga gem ɗin ba zai tsayar da jarumin daidai inda mai tsarawa ya tsayar da shi ba. Ya matsa kaɗan hagu, ko teburin ya fi wancan tsayi, shi ke nan hannu ya saɓa.

Maganin shi ne a juya lissafin. A fara daga inda ake so hannun ya kasance, a komo baya a nemo yadda kafaɗa da gwiwa za su juya su kai shi can. Wannan shi ne IK. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, IK gyara ne a kan aikin mai tsara motsi. Idan aka bar masa motsin gaba ɗaya, hannu zai yi ta tafiya a miƙe kamar na inji. Aikinsa mai kyau shi ne ya cike ɗan santimitan da ya rage, ya bar sauran yadda ɗan Adam ya tsara.

Alwatika tsakanin kafaɗa, gwiwa da wuyan hannu

Mu ɗauki jarumi mai dantse santimita 30, sangalin hannu santimita 25. Idan ya miƙe hannun sarai, daga kafaɗa zuwa wuyan hannu santimita 55 ke nan, ba zai wuce haka ba. Mai tsara motsi ya yi aikinsa ne a kan cewa lokacin kama kofi wuyan hannun yana nesa da kafaɗa da santimita 40.

Ƙasusuwan biyu da layin da ya haɗa kafaɗa da wuyan hannu sun zama alwatika, kuma an san tsawon gefunanta uku. Wanda ya yi lissafin sakandare ya san cewa idan gefuna uku suka tabbata, kusurwoyi ma sun tabbata. Ga dokar da ake amfani da ita, inda a da b su ne ƙasusuwan, d kuma nisan:

```
cos(gwiwa) = (a*a + b*b - d*d) / (2*a*b)
```

Idan aka saka 30 da 25 da 40, gwiwar za ta buɗe kimanin digiri 93. To a cikin wasa sai aka samu jarumin ya tsaya baya kaɗan, nisan ya zama 44. Lissafi ɗaya zai ba da kimanin digiri 106. Wato an ƙara buɗe gwiwar da digiri 13, an ɗan juya kafaɗa ta fuskanci sabon wurin, hannu ya isa. Babu lalube a ciki, amsa ɗaya ce take fitowa nan take, shi ya sa ko waya mai araha tana iya yin wannan lissafi sau 60 a cikin daƙiƙa ba tare da ta ji a jikinta ba. A Unreal ana kiran wannan kayan aiki Two Bone IK, a Unity kuma Two Bone IK Constraint. Akwai wasu hanyoyin na dogayen sarƙoƙin ƙashi irin na jela ko ƙashin baya, kamar FABRIK da Andreas Aristidou da Joan Lasenby suka wallafa a 2011, waɗanda ke matsowa kusa da amsa a hankali ta maimaita lissafi. Ga hannun mutum dai alwatikar nan ta wadatar.

Akwai wani lahani a cikinta da ya kamata a sani, kuma lambobin ne ke tona shi. Daga nisan 40 zuwa 41, gwiwa tana buɗewa da digiri 3 kacal. Amma a nisan 54 tana kan digiri 158, a 55 kuma ta kai 180. Santimita ɗaya na ƙarshe ya cinye digiri 22. A allo abin da ake gani shi ne hannu yana tafiya lami lafiya, yana gab da miƙewa sai gwiwar ta yi tsit ta ƙage, kamar an fizge ta. Duk lokacin da ka ga gwiwa tana wannan fizgar a ƙarshen miƙa, to an kai hannun iyakarsa ne. Masu aikin kan hana nisan kaiwa ƙarshe, su tsayar da shi wajen 53 ko 54, ko su sassauta yadda hannun ke bin wurin idan ya kusa iyaka. Idan kuma kofin yana nesa da santimita 60, babu dabarar gwiwa da za ta kai. Sai dai kafaɗa ta turo gaba, ƙirji ya sunkuya, ko a sa jarumin ya ƙara taku.

Ina gwiwar za ta fuskanta

Gwada wannan a inda kake zaune. Ɗora tafin hannunka a kan tebur ko a kan cinyarka, ka danne shi kada ya motsa, kafaɗarka ma ta tsaya cak. Yanzu motsa gwiwar hannun. Za ka ga tana iya ɗagawa sama ta buɗe hammata, tana iya saukowa ta manne da haƙarƙari, alhali tafi da kafaɗa suna nan inda suke. Lissafin alwatika ya gaya mana yawan lanƙwasar gwiwa, bai gaya mana gefen da za ta lanƙwasa ba. Alwatikar tana iya juyawa a kan layin kafaɗa zuwa wuyan hannu kamar yadda ƙyauren ƙofa ke juyawa a jikin ƙyamarensa. A jarumin namu, a nisan 40, gwiwar tana da da'ira guda da za ta iya zama ko'ina a kanta, kuma daga tsakiyar da'irar zuwa bakinta kusan santimita 19 ne. Wannan fili ne mai faɗi. Mutum yana da jijiyoyi da tsoka da suke hana shi zagaye da'irar duka, amma kwamfuta ba ta san da su ba, a wajenta gwiwa a saman kai da gwiwa a gefen ciki duk amsa ce daidai.

Don haka ake ajiye wani ɗigo a sarari wanda mai wasa ba ya gani, a ce wa gwiwar ta fuskanci wajensa. Zan kira shi manunin gwiwa. A Blender sunansa Pole Target, a Unity Hint, a Unreal Joint Target Location. Gwiwar ba ta zuwa ta taɓa shi, kuma nisansa ba ya ƙara ko rage lanƙwasarta. Abin da kawai yake yi shi ne zaɓar gefe: ɗigo uku, kafaɗa da wuyan hannu da manuni, suna shimfiɗa fili guda, gwiwar kuma ta kwanta a kan wannan filin ta ɓangaren da manunin yake.

Ga hannun dama mai ɗaukar kofi, wurin da ya dace shi ne bayan gwiwa, ƙasa kaɗan, sannan waje kaɗan daga jiki, da tazarar da ta kai tsawon dantse ko fiye. Kuma a ɗaure shi da ƙashin ƙirjin jarumin, domin idan aka kafe shi a fili, jarumin na juyawa manunin zai koma gabansa, gwiwar ta bi shi ta ratsa ciki.

Babban abin da ke lalacewa a nan shi ne kifewar gwiwa. Idan manunin ya matso kusa da layin kafaɗa zuwa wuyan hannu, ɗigo ukun sun kusa zama a layi ɗaya, filin da suke shimfiɗawa ya rasa tabbas. Ɗan motsi kaɗan sai gwiwar ta kama rawa. Idan layin ya tsallake manunin, a cikin hoto ɗaya gwiwar za ta koma ɗaya gefen da'irar. Yadda ake gane shi da sauƙi ne: a sa manhajar ta zana layin da manunin a allo, a rage saurin motsin, za a ga kifewar tana faruwa daidai lokacin da suka haɗu. Akwai kuma wani nau'in karkacewar da ba ya da alaƙa da wannan, wanda masu koyon Blender ke yawan cin karo da shi: ana saka Pole Target sai hannun ya murɗe gefe tun bai motsa ba. Wannan daga yadda aka kwantar da ƙashin ne tun farko, kuma ana daidaita shi da Pole Angle, sau da yawa 90 ko -90 ko 180. Yana kuma taimakawa a gina ƙasusuwan da 'yar lanƙwasa a gwiwa tun asali, kada a yi su a miƙe sambal.

A ganina manunin da ya fi kowanne kyau shi ne wanda aka ciro daga motsin da aka tsara. Mai tsara motsi ya riga ya yanke shawarar inda gwiwar take a kowane hoto: jarumi gajiyayye gwiwarsa a sake take tana jan ƙasa, mai fushi tasa a buɗe take. Me zai sa a zubar da wannan a maye shi da ɗigo kafaffe? Kafin IK ya taɓa komai, a duba inda gwiwar take, a auna gefen da ta karkata daga layin kafaɗa zuwa wuyan hannu, a miƙa wannan gefen waje da santimita 40 ko makamancin haka, a ajiye manunin a can. Da haka gwiwar za ta ci gaba da halinta ko da an matsar da hannun. Inda dabarar ke gazawa shi ne lokacin da hannun ya miƙe sarai a ainihin motsin, domin a lokacin babu karkata da za a auna. Sai a riƙe gefen da aka samu a hoton da ya gabata har lanƙwasa ta dawo.

Wuyan hannu ake kaiwa, tafi ne ke riƙewa

Sarƙar IK tana ƙarewa ne a wuyan hannu. Kuskuren da kusan kowane sabon shiga ke yi shi ne ya ce wa hannu ya tafi inda mariƙin kofi yake. Hannun zai yi biyayya, ya kai wuyansa cikin mariƙin, tafi da yatsu su wuce su shige cikin shayi. Tsakiyar tafin jarumin namu tana gaba da wuyan hannu da kamar santimita 8, saboda haka dole a yi lissafin wannan ratar.

Yadda ake yi shi ne a sa alama biyu. Ɗaya a jikin kofin, daidai inda ake so a riƙe, tana ɗauke da wuri da kuma fuska, wato ina babban yatsa zai kalla, ina tafi zai kalla. Ɗaya kuma a tsakiyar tafin jarumin. Sai a tambaya: idan alamar tafi ta hau kan alamar kofi daidai, ina wuyan hannu zai kasance, kuma yaya zai juya? Wannan amsar ita ake miƙa wa IK. Nisan 44 da muka yi lissafi da shi ɗazu zuwa wannan wurin ne aka auna shi. Amfanin sa alamar a jikin kofin shi ne, ko an juya kofin mariƙinsa ya kalli wani gefe, alamar tana juyawa tare da shi.

Nan ma akwai iyaka. Idan mariƙin ya kalli can nesa da jarumin, wuyan hannu zai murɗe fiye da kima, fatar wajen ta tsuke ta zama siririya, abin ba kyan gani. A jikin mutum ba wuyan hannu ne ke yin wannan juyin ba, ƙasusuwa biyu na sangali ne ke hawa kan juna, juyin ya bazu tun daga gwiwa. Shi ya sa ake ƙara ƙashi ɗaya ko biyu a sangalin jarumi don su raba murɗawar a tsakaninsu. Idan juyin ya yi yawa duk da haka, gara a ba kofin alama ta biyu, a kama shi ta jiki a bar mariƙin.

Yatsu kuwa yawanci ba a yi musu IK. Hannun gem yakan zo da gaɓa uku a kowane yatsa, 15 ke nan, kuma warware su ɗaya bayan ɗaya wahala ce da ba ta cika biyan kuɗin sabulu ba. Tun 1956 masanin nan ɗan Birtaniya John Napier ya raba riƙon ɗan Adam gida biyu: riƙon ƙarfi, inda yatsu da tafi ke rungume abu kamar ƙotar gatari, da riƙon tsanaki, inda kan yatsu da babban yatsa ke tsinke abu kamar allura. Masu gem suna tafiya a kan irin wannan rabon. Sukan tsara 'yan siffofin riƙo da hannu, kowane abu ya faɗi irin wanda yake so. Inda ake kallon hannu kusa-kusa, kamar wasannin tabarau da ake sawa a fuska, ana ƙara wata dabara: kowane yatsa ya riƙa naɗewa kaɗan-kaɗan daga buɗe zuwa dunƙule, ya tsaya a inda ya taɓa jikin abin.

Shigar da gyaran ba tare da an gani ba

Duk abin da ya gabata zai lalace idan aka kunna IK farat ɗaya. Hannu yana nan, a hoto na gaba yana can. Saboda haka kowane IK yana da ma'auni daga 0 zuwa 1. A 0 hannu yana bin motsin da aka tsara zalla, a 1 yana bin IK zalla, a tsakani kuma ana gauraya su. A Unity ana ganinsa da sunan Weight, a Unreal Alpha, a Blender Influence.

Mu bi motsin namu. Tsawonsa daƙiƙa ɗaya ne, hoto 60. Hannu yana fara tashi daga gefen jiki a hoto na 10, yana taɓa kofi a na 36, yatsu suna gama rufewa a na 42, sannan a ɗaga. Idan aka fara ɗaga ma'aunin tun hoto na 10, wurin kofi zai fara jan hannu tun yana ƙasa da tebur, ya ja shi ta gajeriyar hanya, ta cikin katako. Mai tsara motsi ya yi wa hannun baka mai kyau da ke hawa sama da bakin tebur, gaggawar IK ta shafe ta. Don haka a jira sai hoto na 18, lokacin da hannu ya riga ya haye, sannan ma'auni ya tashi daga 0 ya kai 1 a hoto na 36. Hoto 18 ke nan, daƙiƙa 0.3. Kuma kada ya tashi da gudu ɗaya. Ya fara a hankali, ya yi sauri a tsakiya, ya sauka a hankali, abin da wannan ɗan lissafi ke bayarwa idan t yana tafiya daga 0 zuwa 1:

```
w = t * t * (3 - 2 * t)
```

Ya fi kyau a zana wannan tashin ma'aunin a cikin motsin kansa, mai tsara motsi ya sa shi da hannunsa, domin idan aka rage saurin motsin ko aka ƙara, ma'aunin zai tafi tare da shi. Manunin gwiwa ma da wannan ma'aunin zai shigo. Juyin wuyan hannu kuwa ana so ya gama daidaita da ɗan wuri kafin taɓawa, kamar a hoto na 32, saboda mutum yakan shirya tafinsa tun bai isa ga abu ba.

Daga hoto na 42 al'amarin yana juyewa, kuma nan ne ake yawan yin tuntuɓe. Kafin wannan hoton hannu ne ke bin kofi. Bayansa kofi ne ke bin hannu, domin an ɗaure shi da ƙashin tafi. Idan aka manta aka bar IK yana bin alamar da ke jikin kofin, to hannu yana bin kofi, kofi yana bin hannu. Abin da ake gani shi ne hannu ya ƙage a sama da tebur ya ƙi ɗagawa, ko kuma su biyun su riƙa karkarwa suna zamewa gefe. Gyaran shi ne a daidai lokacin ɗaurewa a daskarar da wurin da IK ke nufa a inda yake, a daina karanta shi daga kofin, sannan a sauke ma'aunin zuwa 0 tsakanin hoto na 42 da na 60. Hannu zai koma kan hanyar da aka tsara masa da kofin a riƙe. Ajiyewa kuma wannan tsarin ne a juye, sai dai wurin da ake nufa ya zama saman tebur.

Abu mai hannu biyu, kamar tire ko doguwar sanda, da wannan ƙa'idar ake warware shi. A zaɓi hannu ɗaya ya zama mai ɗauka, abin ya bi shi. Ɗaya hannun kuma ya bi alamar da ke jikin abin ta IK. Jerin aikin a kowane hoto dole ya kasance haka: motsin da aka tsara tukuna, sai hannun dama, sai abin da ya ɗauka, sannan hannun hagu. Idan jerin ya saɓa, hannun hagu zai riƙa karanta inda abin yake a hoton da ya wuce. Yana tsaye ba za a ga komai ba. Amma idan abin yana tafiyar mita 3 a daƙiƙa, a hoto 60, hannun zai kasance baya da santimita 5 kullum, ya riƙa zamewa a jikin sandar duk lokacin da jarumin ya ruga, ya koma daidai da ya tsaya. Wannan alamar, lafiya a tsaye, saɓani a guje, kusan ko da yaushe matsalar jeri ce, kuma taɓa manunin gwiwa ko ma'auni ba zai gyara ta ba.

Tambayar da ta rage ita ce yawan gyaran da IK zai iya ɗauka kafin ido ya gane. Santimita 4 ɗin da muka yi misali da su ba wanda zai lura. Idan ratar ta kai kusan tsawon sangalin hannu, hannu zai isa, amma sauran jiki zai ƙaryata shi: idanu suna kallon wani wuri, ƙirji bai sunkuya ba, nauyin jiki yana kan ƙafar da ba ita ba. A irin wannan hali ana tsara motsin ɗauka kamar guda uku, na ƙasa, na tsakiya da na sama, a zaɓi wanda ya fi kusa ko a gauraya biyu gwargwadon tsayin teburin, a kuma ɗan gyara tsayuwar jarumin yayin da yake takun ƙarshe. Bayan an yi waɗannan, ratar da za ta rage wa IK ba ta wuce 'yan santimita ba, gwiwa kuma ba ta kusanci iyakar miƙewarta.